Jar tukunyar kashe gobarar nan da ke rataye a shagonka, wa ya taɓa zare mata fil?

Watanni kaɗan da suka wuce ina zaune a shagon yayana, shagon fotokwafi da buga takardu ne a hawa na ɗaya na wata filaza a Kano, sai man janareta ya ƙare ana tsakiyar aikin wasu ɗalibai. Yaron shago ya ɗauko jarka ya fita baranda ya hau ɗura fetur, injin ko minti biyu bai yi da mutuwa ba, ga shi yana sauri saboda ɗaliban nan sun tsaya masa a ka. Man ya ɗan zuba a jikin salansa. Ba mu ji komai ba sai "fuu", sai ihu.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa nake wannan rubutun. Akwai tukunyar kashe gobara a shagon, ja jawur, sabuwa, an rataye ta a bayan injin fotokwafi. Yaro na biyu ya cizgo ta da ƙyar, ya fito yana ta matsa hannunta yana girgiza ta, ko ɗigo bai fito ba, saboda bai san akwai wani ɗan ƙarfe mai zobe, wato fil, da ake zarewa ba tukunna. Maƙwabcinmu mai sayar da kayan waya kuma, da zuciya ɗaya wallahi, ya kwaso bokitin ruwan alwala ya sheƙa, sai wutar ta hau kan ruwan ta biyo shi tana gudu a kan siminti ta nufo bakin ƙofarmu, wadda ita kaɗai ce hanyar fita da ke buɗe. Mu shida ne a ciki. Wani tsoho mai gadin filazar ne ya hawo da bokitin yashi na masu gyaran bene ya juye a kai, ya sake juye wani, wutar ta mutu, ya kalle mu ya ce "Yara, ba a yi wa fetur wanka," ya sauka abinsa.

Asarar duka ba ta wuce janareta da ya ƙone rabi da silifas ɗin yaro ba. Amma na kwana ina juya abin, domin shagon nan a takarda ya cika sharaɗi. Yana da tukunya, har da rasit. Ra'ayina tun daga ranar shi ne, tukunyar da babu wanda ya taɓa gwada irinta a shago ado ce kawai, kuma in za a tilasta wa masu shago da ƙananan ofisoshi abu ɗaya, to a tilasta musu gwajin fita na minti goma da nuna wa yara wace tukunya ce ta wace wuta, kafin a zo maganar rasit. Na san abubuwan da za a ce min, don Yaya da kansa ya faɗa min kusan dukkansu.

Duwatsun murhu

Masana na zana wuta da alwatika mai kusurwa uku, ni kuwa murhun kakata nake tunawa. Dutse uku ne ke riƙe da tukunya, ka janye ɗaya tuwo ya kife. Haka wuta take, sai ta samu abin da za ta ci, ta samu zafi, ta samu iska. Iskar ma ba dukkanta ba, oksijin ɗin ciki, wanda kusan kashi 21 cikin 100 ne na iskar da muke shaƙa. Duk wata dabarar kashe wuta janye ɗaya daga cikin ukun nan ne. Ruwa zafi yake ɗaukewa. Yashi, bargo, murfin tukunya, kumfa, duk iska suke toshewa. Rufe kan gas ko janye kwalaye daga kusa, abinci ka hana ta.

In ka riƙe wannan, za ka gane abin da ya faru a barandarmu ba tare da wani ya yi maka dogon bayani ba. Fetur ba ruwansa ne ke ci ba, tururinsa ne, kuma yana fitar da tururin nan ko da sanyin hunturu, ballantana a jikin salansa mai zafi. Sannan ya fi ruwa rashin nauyi, don haka da ka zuba ruwa sai ya taso sama ya hau, ruwan ya zama masa mota. Maƙwabcinmu bai janye dutse ko ɗaya ba, faɗaɗa murhun ya yi. Tsohon nan kuwa bai je makarantar kwana-kwana ba amma ya san iska zai toshe.

"Ai tukunya tukunya ce"

Wannan ita ce magana ta farko da Yaya ya yi min, wai duk ja ne. E, duk ja ne, amma abin da ke ciki ya bambanta, kuma wutar ma iri-iri ce. A jikin kowace tukunya akwai haruffa da ƴan hotuna. A tsarin Birtaniya da Turai, wanda shi aka fi gani a wajenmu, A na nufin busassun kaya, takarda, katako, yadi, kwali, katifa. B na nufin mai da danginsa, fetur, gas ɗin mota, kalanzir, fenti, tina. C iskar gas ce irin ta girki. D ƙarafa ne masu kamawa da wuta, wannan na masana'antu ne, bar shi. F man girki ne, na masu suya. Wutar lantarki ba ta da harafi a wannan tsarin, alamar walƙiya ake sa mata, ko da yake za ka ji wasu na ce mata E.

Ga wani abu da ke rikita mutane, har da masu sayarwa. A tsarin Amurka harafin C na lantarki ne, na man girki kuma K. Tunda kasuwarmu kaya daga ko'ina suke shigowa, ni shawarata kar ka tsaya kan harafi, kalli hoton da ke gefensa, in an zana hoton an ja masa layi to ba ta wannan wutar ba ce.

Tukwanen da za ka ci karo da su a shago ba su wuce huɗu ba. Mai ruwa, ta A ce kawai, kuma haɗari ce a kan mai da lantarki. Mai kumfa tana yin A da B, amma ita ma yawancinta ruwa ne, ba a nufar soket da ita. Mai hoda, wadda ake rubuta wa ABC kuma galibi tana da shuɗin tambari, ita ce mai shiga ko'ina, tana yin takarda, tana yin fetur, tana yin gas, kuma ba ta ɗaukar lantarki ta kawo maka hannu. Sai mai baƙin tambari ta CO2, za ka gane ta da wani baki mai faɗi kamar ƙaho, kuma ba ta da agogon nan mai nuna ƙarfin iskar da ke ciki.

To in mai hoda tana yin komai me ya sa ba za a tsaya a kanta ba? Don tana da nata aibin. Ka fesa ta a ɗaki mai mita huɗu da shida, cikin daƙiƙa kaɗan ba ka ganin tafin hannunka, tari ya sarƙe ka, ƙofar ma sai ka lalube ta. Kuma hodar nan tana shiga cikin injin fotokwafi da kwamfuta ta ci su, har waɗanda wutar ba ta taɓa ba. Ita kuma CO2 ba ta barin datti ko kaɗan, shi ya sa take ta na'urori, amma iska kawai take korewa, ba ta sanyaya abin sosai, saboda haka in ka fesa ta a tarin takarda garwashin na nan a ciki, da iskar ta washe wutar ta dawo. A waje inda iska ke kaɗawa ma kusan ɓarnar kuɗi ce. Ƙahon nata kuma yana yin sanyin da zai ƙona maka fata in ka damƙe shi, sannan a ƙaramin sito marar taga kai ma iskar da kake shaƙa take korewa, ka fesa ka fita.

Masu abinci su ji wannan da kyau. Man gyaɗa ko manja da ya kama a kasko, in ka zuba masa ruwa, ruwan zai nutse ƙasa ya zama tururi nan take, kuma ruwa in ya koma tururi yana kumbura kusan sau 1,700, sai ya watso man mai ci har silin. A kashe risho ko gas, a rufe da murfi ko bargon wuta, a bar shi rufe har ya huce, kar a ɗaga don a leƙa. Gas kuwa in yana ci a bakin tukunya ko a tiyo, abin farko rufe kansa ne. In ka kashe harshen wutar alhali gas na ci gaba da fita, ka mayar da wutar da kake gani ta zama bam ɗin da ba ka gani, domin gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya yana taruwa yana jiran wani ya taɓa makunnin fitila.

"Mu dai omo da ruwa muka sani"

Na sha jin wannan, kuma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Ruwan omo ya fi ruwa zalla jiƙa yadi da katifa, kuma mutane sun kashe wuta da shi. Amma har yanzu ruwa ne. A sheƙa shi da bokiti a kan fetur mai gudu, ko a kan ekstenshan da ke haɗe da wuta, sakamakon ɗaya ne. Kumfar cikin tukunya an haɗa ta ne ta kwanta a kan mai kamar bargo, ba ta fashewa da wuri, ta omo kuwa kafin ka juya ta narke.

Maganar lantarki akwai wani sabon tarko da ya shigo mana da sola. Da can in waya ta kama sai a ce a kashe mita ko a sauke cenjoba, da an yanke wuta abin da ya rage yana ci roba ce da katako, ruwa ma zai yi. Yanzu kana sauke wutar gari inbata ta karɓa, ko ƙiftawa fitila ba za ta yi ba, mutum ya ɗauka ya kashe alhali soket ɗin na nan da ransa. A shagon Yaya na tambayi yaran uku ina ake kashe inbata, ɗaya ne ya sani, shi ma sai da ya janye kwalaye biyu na takarda kafin hannunsa ya kai. Batir ɗin ma an cusa su ƙarƙashin teburi babu iska, kuma batir mai ruwa in yana caji yana fitar da iskar haidurojin mai kamawa. Na litiyom kuma, irin na fawa bank da sababbin batiran sola, in ya fara kumbura yana huci yana hayaƙi, ƙaramar tukunya za ta iya kashe abin da ke kewaye da shi amma shi kansa yana iya sake tashi bayan ka ɗauka ya mutu, wannan ba na tsayawa jarumta ba ne.

Daƙiƙa nawa kake da su

Abin da ya fi ba Yaya mamaki da na faɗa masa shi ne tukunyar mai hoda mai kilo 6 ba ta wuce daƙiƙa 15 zuwa 20 tana feshi, ta CO2 mai kilo 2 kuma wajen daƙiƙa 10. Ƴar ƙaramar nan ta mota da muke saya don jami'an kiyaye haɗurra ba ta ma kai haka ba. Shi a tunaninsa kamar tiyon wankin mota ne, ka yi ta fesawa har ka gaji. To mutumin da bai taɓa riƙe ta ba, rabin lokacin zai ƙare yana fesa wa hayaƙi da harshen wuta a sama, inda babu abin da ke ci.

Yadda ake yi ba wuya. Ka tsaya kamar taku biyu zuwa uku daga wutar, ƙofa tana bayanka, kar ka taɓa bari wuta ta shiga tsakaninka da hanyar fita. Ka zare fil ɗin, akwai ƴar roba da ta ɗaure shi, murɗawa za ka yi ta tsinke. Ka nufi gindin wutar, wato abin da ke ci. Ka matsa hannun, ka riƙa kaɗawa hagu da dama kana matsowa a hankali. In fetur ne a ƙasa kar ka kafa bakin tiyon kusa, ƙarfin feshin zai watsa man. In tukunyar ta ƙare wuta ba ta mutu ba, ko wutar ta kai tsayinka, ko hayaƙi ya fara saukowa daga silin, aikin ya fi ƙarfinka, ajiye ka fita ka ja ƙofa.

Kuma ita tukunyar tana mutuwa a rataye. Allurar agogonta ta kasance a kan kore. Hodar tana dunƙulewa a ƙasa in ta daɗe, musamman da damina, don haka lokaci-lokaci a sauke ta a kifa a ji hodar na zubowa a ciki. Ta CO2 da ba ta da agogo a sikeli ake gane ta, nauyinta na rubuce a jiki. A kai wa masu duba ta sau ɗaya a shekara. Wadda aka ɗan fesa "don a gwada" aka mayar, a ɗauka babu ita, iskar da ke tura hodar za ta sulale cikin ƴan kwanaki. Shi ya sa lokacin gwaji mafi dacewa shi ne ranar da za a kai ta a sake cikawa, a fita fili a kunna ƴar wuta a cikin rabin duro, kowane yaro ya matsa na daƙiƙa uku ya ji yadda take harbawa a hannu. Haka muka yi, kuma yaron da ya kasa zare fil ranar nan shi ya fi kowa iyawa.

"Shago ɗaki biyu, wane irin atisaye kuma?"

Nan ne muka fi daɗewa muna ja da Yaya. Ya ce atisayen fita na bankuna ne da manyan ofisoshin Abuja, shi shagonsa daga kujerarsa zuwa ƙofa taku bakwai ne. Na ce to mu gwada, in mun fita a ƙasa da minti ɗaya ni zan sayi lemo.

Ga yadda shagon yake. Ɗakin gaba akwai injin fotokwafi biyu, injin laminatin, kwamfuta uku da bencin kwastomomi. Ɗakin ciki sito ne, rim-rim na takarda har kusan silin, da inbata da batir, da wata yarinya mai taifin da ke zama a can saboda ya fi shiru. Tagogi duk da ƙarfe an yi musu walda. Akwai ƙofar baya a siton mai fita wani ƙaramin bene, amma an sa mata kwaɗo tun shekarar da aka shiga shagon, an kuma jingina mata tsohon injin da ya lalace. Janareta da jarkar lita 10 suna baranda, dab da ƙofar gaba. Wato abin da ya fi komai saurin kamawa shi muka ajiye a bakin hanyar da za mu bi mu tsira.

Wata Asabar da yamma, babu kwastoma sai mutum biyu da muka roƙa su zauna, na ce a ɗauka janareta ya kama kuma ƙofar gaba ba ta biyuwa, na danna agogon waya na yi ihu "Gobara!". Yarinyar siton ba ta ji ba sam, abin sauraro ne a kunnenta. Yaya ya nufi durowar kuɗi. Yaro ɗaya ya tsaya zare filashi daga kwamfuta. Da aka zo ƙofar baya sai aka hau tambayar ina makulli, ashe yana cikin tarin makullan da ke aljihun babban yaron shago, shi kuma an aike shi sayen tona. Muka tsaya cirko-cirko muna kallon kwaɗo. Na kashe agogon a minti huɗu don babu amfanin ci gaba.

Minti huɗu a ɗakin da takarda da roba ke ci ba ƙaramin lokaci ba ne. Yawancin waɗanda gobara ke kashewa a cikin gini hayaƙi ne ke fara kayar da su kafin wuta ta iso, kuma hayaƙin roba da soso da wayar lantarki guba ne, shaƙa kaɗan kai ya juya. Hayaƙi sama yake fara taruwa ya riƙa saukowa, shi ya sa ake cewa a durƙusa a yi rarrafe, iska mai kyau tana ƙasa. Wannan ba abu ne da mutum zai tuna da shi cikin firgici ba in ƙafarsa ba ta taɓa yi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Gyaran da muka yi bai ci kuɗi sosai ba. Aka janye mataccen injin daga ƙofar baya. Aka saukar da janareta ƙasa, nesa da matakala, jarka kuma aka raba ta da shi, aka kafa doka ba a ɗura mai sai inji ya huce. Aka ajiye bokitin yashi kusa da shi. Tukunya mai hoda ta bar bayan injin fotokwafi ta dawo gefen ƙofa, a rataye daidai ƙugu, inda mai fita zai iya ɗauka kuma bayansa na ga hanya. Aka sayo ta CO2 mai kilo 2 don na'urori. Aka buɗe hanya zuwa makashin inbata aka shafa masa jan fenti. Sannan aka raba aiki da suna, wane ne zai kashe wuta, wane ne zai leƙa sito da banɗaki ya fito da kwastomomi, wane ne zai kira 112 da ƴan kwana-kwana, lambar tasha mafi kusa kuma aka rubuta ta a bango da manyan lambobi. Wurin haɗuwa gindin wata bishiyar darbejiya a tsallaken titi, can za a ƙirga kai, kuma wanda ya fita ya fita, babu komawa ɗauko waya ko kuɗin ciniki. Na ƙarshen fita ya ja ƙofa ya rufe, ba da makulli ba, don rufaffiyar ƙofa tana rage wa wuta iska tana kuma tsare hayaƙi daga matakalar da maƙwabta za su bi.

Muka sake gwadawa bayan sati biyu, daƙiƙa 50. Ni na sayi lemon duk da haka.

"Ɓarayi fa?"

Wannan ita ce hujjar da na fi girmamawa, don ba wasa ba ce. Wanda ya sa ƙarfe a taga da kwaɗo a ƙofar baya ba wauta ta sa shi ba, an taɓa fasa masa ne ko an fasa wa maƙwabcinsa. Kuma gaskiya ɓarawo ya fi gobara yawan zuwa. Amma ɓarawon da ake tsoro da dare yake zuwa, lokacin da babu kowa a shago, a sa kwaɗo goma ma a lokacin. Da rana da mutane ke ciki, sakata ta ciki ta isa, wadda yaro zai zare da hannu ɗaya cikin duhu. In maigida na tsoron yaransa ne su riƙa fitar da kaya ta baya, to wannan matsalar amana ce, a nemo mata wani maganin, ba a kulle mutum shida a ɗaki saboda rim ɗin takarda. A birnin New York a 1911 ma'aikata 146 suka mutu a gobarar wata masana'antar ɗinki, yawancinsu ƴan mata, kuma cikin abin da ya jawo yawan mutuwar har da ƙofar da aka kulle don kar a saci kaya. Tagar ƙarfe ma ana iya yi wa guda ɗaya ƴar ƙofa mai buɗewa daga ciki, kowane mai walda zai yi.

"Gobara daga Allah ce"

Babu musu, komai daga Allah ne. Har wani dattijo a filazar ya ce min wannan gwaje-gwajen namu kamar kiran masifa ne, mugun fata. Na ce masa Baba, Hausawa da suka ce gobara daga kogi maganinta Allah, ai ta kogi suka ce, tamu daga jarka ta taso muna kallo. Kuma a hadisi ingantacce, da wani gida ya ƙone a Madina da dare, Manzon Allah (SAW) cewa ya yi wuta maƙiyiyarmu ce, in za mu kwanta mu kashe ta. Wannan umarni ne na ɗaukar mataki. Mai shagon da ya tafi gida ya bar hita a soket, aka kawo wuta da tsakar dare, ba zai ce bai san inda abin ya fito ba.

Mun ga kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, mun ga babbar kasuwar Sakkwato da ta Katsina a 2021, mun ga kasuwar Monday ta Maiduguri a 2023. Duk lokacin da aka yi sai a kafa kwamiti, a yi jaje, a ce motocin kwana-kwana sun makara ko sun rasa hanyar shiga saboda an cike layuka da tebura. Gwamnati na da nata laifin kuma a ci gaba da faɗa mata. Amma ko motar da ta fi kowace sauri ba za ta iso a minti biyun farko ba, kuma a minti biyun nan ne wuta take daidai bokitin yashi. Wanda ke wurin a lokacin yaron shago ne da mai gadi.

Shi ya sa nake ganin ƙungiyoyin ƴan kasuwa da masu filaza sun fi kowa ikon gyara wannan. Suna karɓar kuɗin shara da na gadi duk wata, suna da hanyar tara mutane. Su ware safiya ɗaya kafin hunturu ya kankama, lokacin da komai ya bushe kuma aka fara kunna hita da gawayi, su gayyato jami'an kashe gobara, kowane shago ya turo yaron da ke wuni a shagon ba maigidan da ke zuwa da la'asar ba, a kunna wuta a duro kowa ya fesa, sannan a bi layi-layi a ga ƙofar wa ke buɗuwa. Kuɗin tukunya mai kilo 6 bai kai na wayar da ke hannun yawancin yaran shagon ba, yashi kuwa kyauta ne.

A filazarmu dai zuwa yanzu shago uku ne suka bi sahu cikin goma sha wani abu. Maƙwabcinmu mai kayan waya ya sayi tasa tukunyar, na leƙa ranar nan na ga har yanzu tana cikin ledarta a saman kanta, bayan kwalayen caja, sai an taka kujera. Na yi masa magana ya ce zai sauke ta in ya samu ƙusa.